Darasi na Bakwai: Rana Ba Ta Ƙarya

Wannan darasi na yaran shago ne, masu koyon ɗinki da masu koyon kanikanci, da kuma iyayen gidansu da ke zuwa aji da yamma. A karanta karin maganar da ke ƙasa da ƙarfi, kowa ya maimaita, sannan a rubuta su a littafi kafin a ci gaba.

1. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.
2. Ba a fafe gora ranar tafiya.
3. Da sanyin safiya ake kama fara.
4. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.
5. Sauri ya haifi nawa.
6. Duk gaggawar ungozoma ta bari a haihu.

Wanda ya lura zai ga kamar maganganun nan suna faɗa da juna. Wasu suna cewa yi maza, wasu suna cewa dakata. Yaro mai wayo yakan ɗauki wadda ta yi masa daɗi ya kare kansa da ita. In ya makara da safe ya ce sannu ba ta hana zuwa, in ya ɓata aiki saboda garaje ya ce ai da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Duka biyun ya sa magana inda ba wurinta ba. A shago akwai lokacin da ke hannunka, kamar fitowa da safe da faɗa wa mai kaya gaskiya, wannan ba a jinkiri da shi. Akwai kuma lokacin da aikin kansa yake bukata, kamar hucewar inji, wannan ba mai iya rage shi, ko maigida ne.

Sa rana

Idan aka sa ranar biki, ranar za ta zo ko an shirya ko ba a shirya ba. Uwar amarya da ba ta gama haɗa kayan ɗaki ba ita ce za ta sunkuyar da kai. Tela ma haka yake. Shi ya buɗe baki ya ce "ranar Laraba", kuma Laraba ba za ta fasa zuwa ba don an ɗauke wuta.

Yawancin saɓa alkawarin da ake zargin teloli da shi ba a kan keke yake farawa ba. Yana farawa ne a lokacin da aka karɓi yadi, aka sa rana da ka, ba tare da an buɗe littafi ba. Mutum ya shigo da fara'a, maƙwabci ne ko abokin mahaifinka, ka ji nauyin ce masa babu wuri, sai ka ce "kawo, Allah ya kai mu". A wannan minti ɗin aka saɓa alkawari, sauran kwanakin jiran bayyanar abin ne kawai.

Bari mu ɗauki watan azumi, tunda a nan ne abin ya fi tsanani. Azumi kwana 29 ne ko 30, kuma ba mai sanin wanne ne sai daren da aka nemi wata, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. A 2024 an yi azumi 30, aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. A 2025 kuwa 29 aka yi, Sallah ta kama 30 ga Maris. Telan da ya gina lissafinsa a kan kwana 30 ya ci bashin yini guda daga hannun wanda bai yi masa alkawarin bayarwa ba. Saboda haka a shago azumi 29 ne, kullum. In na 30 ya zo, ƙari ne.

Ga misali, a bi shi da fensir a hannu.

Wani tela a Tudun Wada ta Gusau yana da keke ɗaya da yaro ɗaya. A sauran watanni yakan gama kaya uku a yini, wato kaftani da wando marasa aiki. Da azumi, ga ƙishirwa ga zafi ga tafsiri da asham, biyu yake iyawa ba tare da ya zuba aikin banza ba. Ranar 12 ga azumi da yamma wani Alhaji ya shigo da shadda, yana son kaya huɗu, nasa da na 'ya'yansa uku.

Abu na farko, a ƙirga kwanakin da suka rage. Daga 13 zuwa 27 kwana 15 ne. Ranar 28 da 29 ba a sa su cikin lissafin ɗinki, domin na guga ne da sa maɓalli da gyaran wanda ya gwada ya ce wando ya yi masa tsawo. Duk telan da ya taɓa kwana a shago daren Sallah ya san waɗannan kwana biyu ba sa isa ma.

Abu na biyu, a cire kwanakin da ba na aiki ba ne. Akwai Juma'a biyu a ciki, kowace rabin yini ake samu, sun cinye kwana ɗaya ke nan. A ƙara cire kwana biyu saboda abin da ba a sa masa rana: keke ya ƙi, wuta ta tafi, a yi rasuwa a unguwa, ko zazzaɓi ya kwantar da yaro. Saura kwana 12.

Abu na uku, 12 sau 2, kaya 24 ke nan. Wannan shi ne iyakar abin da shagon zai iya fitarwa kafin Sallah. Da aka buɗe littafi sai aka tarar akwai kaya 22 da ke jira. An ɗebe 22 daga 24, saura 2.

Lissafi ya ƙare, abin da ya rage shi ne faɗa, kuma shi ya fi wuya. Ga yadda maganar ta kasance:

"Alhaji, ka yi haƙuri, biyu kaɗai zan iya ɗauka. Huɗun ba za su samu ba kafin Sallah."

"Haba Malam, ni za ka yi wa haka? Ƙara ƙoƙari dai, ko da dare ne. Zan ƙara maka wani abu."

"Ba maganar kuɗi ba ce, ranka ya daɗe. Ga littafi, duba da kanka. In na ce maka to yau, ranar jajibiri za ka zo ka tarar da yadinka ko yankawa ban yi ba, lokacin kuwa ba telan da zai karɓa. Yanzu da sauran kwana, in ka kai biyu wani wuri za su samu."

"To na yara ƙanana biyun za ka yi. Yaushe zan aiko?"

"Ranar 27 ga azumi, bayan La'asar, in sha Allahu."

Alhajin ya fita ransa ba daɗi, wannan gaskiya ne. Wataƙila ma ya faɗa wa wani cewa telan nan ya fara girman kai. Amma ɓacin ran ranar 12 yana da magani, tunda akwai sauran teloli da sauran kwanaki. Na daren Sallah ba shi da magani, yaro ne zai tafi Idi da tsohuwar riga yana kallon 'yan'uwansa.

Me ya sa aka ce 27 ba 20 ba? Domin kaya 22 da ke gaba za su ci kwanakin aiki 11, na Alhaji sai a rana ta 12, wadda ita ce ta ƙarshe a lissafi. Da an ce masa 20 don a faranta masa, to ko dai a saɓa masa, ko a tsallake wanda ya riga shi kawowa. Na biyun nan shi ne zaluncin da ya fi yawa a shaguna. Mai baki da mai kuɗi su sha gaba, tsohuwar da ta kawo atamfarta tun watan Sha'aban ta yi ta zarya ana ce mata "Inna, gobe".

Kalmar "in sha Allahu" kuma a kula da ita. An umurce mu da faɗarta a kan abin da muka yi niyyar aikatawa gobe, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Wurinta bayan an yi lissafi ne an ga aikin zai yiwu. Wanda ya san a ransa ba zai gama ba, ya faɗe ta don mai kaya ya tafi ya ba shi wuri, ya san abin da ya yi.

Yadda ake rubuta shi

Littafin makaranta mai rahusa ya isa. Kowane aiki layi ɗaya: lamba, sunan mai kaya, irin kaya da yawansu, ranar da aka karɓa, ranar da za a bayar, kafin alƙalami, da abin da ya rage. A rubuta lambar da alli a cikin yadin, ko a maƙala 'yar takarda da allura, don farar shadda goma in suka haɗu ba mai rarrabe su da ido.

A wurin rana, kada a rubuta "gobe" ko "jibi" ko "sati mai zuwa". Gobe ta yau daban, gobe ta gobe daban, kuma bayan kwana uku ba wanda zai tuna wace ake nufi. A rubuta sunan rana da kwanan wata: Laraba, 27 ga azumi. In mai kaya da kwanan watan Bature yake lissafi, a rubuta duka biyun. A faɗi lokaci kuma. "Anjima" ba lokaci ba ne. "Bayan La'asar" lokaci ne, kowa ya san shi ko ba shi da agogo.

In aka ga rana za ta kuɓuce duk da lissafi, a kira mai kaya tun da sauran kwana biyu ko uku a faɗa masa. Kashe waya da tura yaro ya ce maigida ya fita, alhali yana bayan labule, shi ke koya wa yaron ƙarya tun kafin ya iya zura zare.

Gora da fara

Gora ɗanye ba ya ɗaukar ruwan matafiyi. Sai an fafe shi an kwashe cikinsa, an jiƙa an wanke har ɗacin ya fita, kuma wannan ba aikin safiya ɗaya ba ne. A shagon tela, fafe gora shi ne abin da ake yi tun watan Sha'aban: a kai keke a duba shi, a sayi allurai da zare fari da baƙi da maɓallai da gawayin guga, kafin kasuwa ta cika kaya su yi tsada. Haka duk rigar da za a kai wa mai aikin wuya. Shi ma layi gare shi, kuma layinsa ba a hannunka yake ba. Irin wannan riga a yanka ta washegarin karɓa a aika, ko da layin ɗinkinta bai zo ba, don ta dawo ta jira ka maimakon ka jira ta.

Fara kuwa da sassafe jikinta a mace yake saboda sanyi, hannu ma ya isa a kama ta. Da rana ta ɗaga ta ji ɗumi, sai dai ka bi ta da kallo. Yaron shago da ya zo kafin maigida yana da ayyukan da in ba a yi su da safe ba za su ci lokacin ɗinki. Ya share, ya goge keke, ya ɗiga masa mai, sannan ya taka shi a kan tsumma har man da ya yi yawa ya fita. Wanda ya tsallake tsumman nan zai ga layin mai a gaban farar shadda, kuma ba koyaushe yake fita ba. Ya naɗa zare a kwarkwaro uku ko huɗu, ya hura gawayi. Yanka ma aikin safe ne, lokacin da ido ke garau ga haske. Yawancin atamfar da aka yanka furenta ya kalli ƙasa, da dare aka yanka ta, da ido mai barci. Ɗinki in ya karkace ana farkewa a sake, amma abin da almakashi ya ci ya tafi, sai dai a sayi wani yadin.

A gareji ma haka ne. A watan Maris da Afrilu, in rana ta take a Gusau, ƙarfen da ke fili ba ya taɓuwa da hannu. Aiki mai nauyi irin sauke giya ko shiga ƙarƙashin mota, da safe ake yinsa.

Inji ɗaya, magana biyu

Yanzu ga inda yaran kanikawa za su buɗe kunne. Ranar Talata ce, direba ya taso daga kasuwar Talata Mafara da fasinja da kaya, ya iso gareji allurar zafi ta haura, tururi na fita ta gaba. Ya fito yana faɗa: "Kai yaro, yi maza ka buɗe ka zuba ruwa, mutane na jira!" Oga ba ya nan. Me za ka yi?

Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma marfin lagireto an yi shi ne ya riƙe matsi a ciki, kuma saboda matsin nan ruwan yakan wuce digiri 100, ya doshi 120, bai tafasa ba. Da zarar an murɗe marfin matsin ya fita, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsiri sama, daidai inda fuskarka da hannunka suke. Tsumman da ake ɗorawa a kai ba ya tare wannan. Sannan in aka samu aka buɗe aka kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya yi zafi fiye da kima, ƙarfen zai iya tsagewa ko kan injin ya lanƙwashe. Aikin da zai tsaya a canza tiyo sai ya koma sauke kan inji, motar ta kwana uku a gareji. Direban da ya ƙi jiran rabin awa ya jira kwana uku. Abin da ake nufi da sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin yi shi ne a kashe mota, a ɗaga bonet, a bar ta aƙalla minti 30. Kafin a taɓa marfi, a matse babban tiyo na sama da tsumma. In yana da tauri kuma da zafi, da sauran matsi, a ƙara jira. In ya yi laushi, hannu na iya daɗewa a kansa, sai a ɗora tsumma mai kauri a murɗa marfin kaɗan, a kau da fuska, a bar sauran iskar ta fita kafin a cire shi gaba ɗaya. Kuma rabin awar nan ba ta zama a kan benci ba ce. A leƙa ƙasa a ga ko ruwa na ɗiga, a duba bel ko ya tsinke ko ya saki, a duba wayar fanka da fis, a ja sandar baƙin mai a gani. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, ƙara ruwa ba zai raba gardama ba, sai Oga ya zo.

Ga abin da za ka ce wa direban, da ladabi: "Baba, ka yi haƙuri, in na buɗe yanzu ni zan ƙone, injinka kuma zai iya tsagewa. Ba ni rabin awa, ina duba sauran wuraren." Zai yi faɗa, wataƙila ya ce maka a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wannan maganar tuwo ce da ciniki, ba ta lagireto ba.

To amma a injin nan dai akwai aikin da ake yi da ɗumi. In za a juye baƙin mai, ana so injin ya ɗan yi aiki tukuna, domin mai in ya ji ɗumi yakan tsinke ya fita da sauri tare da dattinsa. A kashe, a jira kamar minti goma don kada ya ƙona hannu, a kwance. In aka bar shi ya yi sanyi ƙalau, musamman da hunturu, zai yi kauri ya daɗe yana ɗiga. Gyaran tafet na babur kuma akasin haka ne, sai inji ya huce sarai, don ƙarfe yana buɗewa da zafi, awon da aka yi da zafi ba zai zama daidai ba. Mai faci ma ya san in ya shafa sholisho sai ya jira ya sha iska, ya daina kama yatsa da danshi, kafin ya manna. In ya manna a jiƙe, tayar za ta sace kafin a kai Tsafe.

Saboda haka tambayar da yaro zai riƙa yi wa Oga ita ce, wannan aikin da zafi ake yinsa ko da sanyi, kuma me ya sa? Oga na kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Gaggawar ungozoma

Akwai wani jira da ya fi na lagireto tsawo. Yaro ya yi wata shida yana sa maɓalli da guga da kalmasa, ko yana wanke notina yana miƙa sifana mai lamba 10 da 12, sai ya fara ganin an mai da shi bawa. Wani lokaci yana da gaskiya. Akwai iyayen gida da ke riƙe yaro shekara da shekaru ba su nuna masa yanka ba, don kada ya tashi ya buɗe nasa, kuma suna fakewa da cewa mahaƙurci mawadaci. Wannan ba daidai ba ne, kuma maigidan da ke cikin ajin nan ya ji. Hanyar gane bambanci ita ce a duba ko aikin hannun yaron yana canzawa. In bana yana yin abin da bara bai iya ba, daga maɓalli zuwa wando, daga wando zuwa haɗa riga, to koyo ake yi, ya daure. In shekara ta zagayo yana nan inda yake, mahaifinsa ko wanda ya kawo shi ya zo a zauna a yi magana, a sa lokacin da za a fara nuna masa yanka da lokacin yaye, a rubuta.

Aikin yi

1. Rubuta karin magana uku daga na farkon darasi ba tare da ka duba ba. Ka ba na kusa da kai ya duba maka ƙ da ɗ.

2. Wata tela tana gama riga da zane uku a yini. Yau 15 ga azumi da yamma, kuma akwai kaya 25 a littafinta. Za ta daina ɗinki ranar 27, za ta kuma cire kwana uku na Juma'a da larura. Kwana nawa na aiki suka rage mata? Kaya nawa za ta iya ƙara karɓa?

3. Ja layi ɗaya mai gurbi bakwai a littafinka kamar yadda aka bayyana, ka cika su da aikin ƙarshe da aka kawo shagonku.

4. Mutum biyu su fito gaban aji, ɗaya direba mai gaggawa, ɗaya yaron gareji. Yaron ya hana shi buɗe lagireto ba tare da ya yi masa rashin kunya ba.

5. Tambayi maigidanka ayyuka biyu a sana'arku da ba a jinkirta su, da biyu da dole a jira su. Rubuta su da dalilin kowane, ka zo da su darasi na gaba.